Bidiyon waya yana buɗewa a sabuwar laftof, tsohuwar kuma sai murya kawai

Maman Hanifa (Tumfure): Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimako kafin Asabar. An ɗauki bidiyon walimar sauka ta ɗalibanmu da iPhone 13, tsawonsa minti 9, nauyinsa 1.6GB. A laftof ɗin ƙanina yana buɗewa lafiya lau. A ta makaranta kuwa, wadda ta tsufa, sai murya ke fita, fuskar baƙi ƙirin, wani lokaci kuma ta rubuto `0xc00d5212`. Da ta makarantar za mu haska wa iyaye, domin furojektanmu kan `VGA` kaɗai gare shi, kuma ƙanin nawa zai wuce Bauchi da tasa ranar Juma'a. Fayil ɗin ne ya lalace ko kwamfutar ce?

Sadiq Bolari: Wa alaikumus salam Adda. Bayiros ne. Ki kai a goge ta a sa sabon Windows, a ƙara mata RAM, shi ke nan.

Injiniya Bappa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki goge komai tukuna. Sadiq, bayiros ba ya zaɓar hoto ya ɓoye ya bar murya ta fita tsaf. Tunda bidiyon ya buɗe a wata kwamfutar, kuma murya na fita a wannan, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Lambar nan da ta rubuto ma'anarta manhajar ta karɓi fayil ɗin, ta buɗe shi, amma ba ta san yadda za ta warware hoton da ke ciki ba.

Ki turo mana abu uku. Sunan kowace laftof da furosesarta, za ki gani a `Settings > System > About`. Wane Windows ke kan tsohuwar. Sannan a sabuwar, idan akwai VLC, ki buɗe bidiyon ki danna `Ctrl+J`, ki kwafo mana abin da ke gaban `Codec` da `Video resolution`.

Maman Hanifa (Tumfure): To Injiniya. Sabuwar HP EliteBook 840 G5 ce, `i5-8250U`, Windows 11. Tsohuwar HP Folio 9470m, `i5-3437U`, Windows 10, RAM 8GB. Ga abin da VLC ya nuna:

```
Codec: MPEG-H Part2/HEVC (H.265)
Video resolution: 3840x2160
```

Sunan fayil ɗin `IMG_4410.MOV`.

Sadiq Bolari: Ah, to ga matsalar nan. MOV na Apple ne. Ki danna `Rename` ki mai da ƙarshen `.mp4`, zai buɗe.

Hamma Usman (Pantami): Sadiq, wannan dabarar tana aiki a wuri ɗaya ne kawai: inda wata manhaja ko talabijin ke ƙin karɓar fayil saboda ƙarshen sunansa, alhali abin da ke ciki ta san shi. MOV da MP4 dangin juna ne ƙwarai, shi ya sa wani lokaci canjin sunan ke wucewa. Amma a nan ba sunan ne ya hana ba. MOV da MP4 kamar buhu ne, ka goge rubutun jikin buhu ka rubuta masara, in gero ne a ciki gero zai zauna. Abin da ke cikin buhun Malama shi ne HEVC, kuma ko da `.mp4` ta sa masa, baƙar fuskar nan za ta sake gani.

Injiniya Bappa: Haka ne Hamma. Bari in yi bayanin a tsanake, domin matsalar Malama hawa biyu ce, kuma mafi yawan mutane hawa ɗaya suke gyarawa su tsaya suna mamaki.

Waya ba ta ajiye bidiyo ɗanye, sai ta matse shi, in ba haka ba minti kaɗan zai cinye ma'ajiyarta. Tsarin matsewar da kusan kowace na'ura ta sani shi ne H.264, wanda aka fitar tun 2003. Windows 7 ma da shi ya zo. A 2013 aka fitar da magajinsa, H.265, wanda ake kira HEVC. Shi yana matse bidiyo zuwa kusan rabin nauyin na farko da kyawun hoto kusan ɗaya, sai dai warware shi aiki ne mai nauyi. Daga iOS 11 a 2017, iPhone 7 da duk na bayanta suka koma ɗauka da HEVC, in dai mai wayar bai canza saitin ba.

Hawa na farko na manhaja ne. HEVC akwai kuɗin lasisi a kansa, don haka Microsoft bai sa shi kyauta a cikin kowane Windows 10 ba. Ya ware shi a shagonsa da sunan `HEVC Video Extensions`. Sababbin laftof da yawa kamfanin da ya ƙera su ya riga ya biya, suna zuwa da shi a ciki, mai ita bai ma san da zamansa ba. Folio ɗin makaranta ta girmi wannan tsarin, kuma tabbas an sha sake mata Windows a shago. Sautin bidiyon kuwa da AAC aka matse shi, wanda kowane Windows na yanzu ya sani. Dalilin jin murya babu hoto ke nan.

Hawa na biyu na ƙarfe ne, kuma shi ne mai wuyar. A cikin furosesar Intel akwai wani ɓangare da aikinsa kawai warware bidiyo. Ki duba lambar farko bayan layin: `i5-3437U` janareshan na 3 ne, `i5-8250U` na 8. Sai daga janareshan na 6, na 2015, ɓangaren nan ya iya HEVC gaba ɗaya, shi ma mai bit 8 kaɗai, wato zurfin kala na bidiyon yau da kullum. Mai bit 10 sai daga janareshan na 7. Ta ƙaninki tana da duka biyun, shi ya sa ko gumi ba ta yi. Ta makaranta H.264 kawai ɓangarenta ya sani. Duk HEVC da aka ba ta, sai furosesar da kanta ta yi lissafin hoto bayan hoto, ga ta mai kai biyu ce, ga bidiyon 4K.

Aisha Jekadafari: Ni dai VLC nake sa wa kowa, bai taɓa ƙin buɗe bidiyo ba. Adda ki sauke shi a tsohuwar, kyauta ne, bai kai 50MB ba. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Injiniya Bappa: Shawara ce mai kyau Aisha, kuma ita ce gwajin da ya kamata a fara yi. VLC da nasa kayan warwarewa yake zuwa, ba ya jiran na Windows, saboda haka hawa na farko ya gyaru nan take. Da bidiyon 1080p ne mai hoto 30 a daƙiƙa, da ina sa ran Folio za ta ja shi, ko da fankarta za ta yi ihu. Amma 3840x2160 ninki huɗu ne na 1920x1080 a yawan ɗigon hoto. Malama ki gwada, ki buɗe `Task Manager` da `Ctrl+Shift+Esc` a gefe, ki gaya mana inda `CPU` ya tsaya.

Maman Hanifa (Tumfure): Na sa VLC 3. Yanzu hoto ya fito, alhamdulillahi. Amma yana tafiya daƙiƙa biyu ya tsaya, murya ta wuce ta bar shi, wani lokaci fuskar ta koma toka-toka da dabbare-dabbare. `CPU` yana kan 100% bai sauko ba.

Injiniya Bappa: To kin ga hawa na biyu da idonki. Tokar nan ba lalacewar fayil ba ce. Furosesar ce ta kasa gama hoto kafin lokacinsa ya yi, VLC ya jefar da wasu don ya kamo murya, hotunan da suka dogara da waɗanda aka jefar kuma suka fito a dagule. Duk lokacin da kuka ga `CPU` a 100% kuma RAM da sauran wuri, ƙarin RAM ba zai yi komai ba, SSD ma haka. SSD zai sa kwamfutar ta tashi da sauri, amma bidiyon nan bai kai 4MB a daƙiƙa ba wajen karantawa, tsohon hard disk ma ya ishe shi.

Malam Garba (Kumo): Injiniya ina da ja a nan. In ƙarfin furosesa ne, yaya aka yi ƙaramar HP mai Celeron ta ɗana, wadda ko shafuka biyar na burauza ba ta iya riƙewa, take kunna bidiyon waya sumul, amma Dell mai Core i7 da ke ofishinmu tana sarƙewa? Ai i7 ya fi Celeron ko a ina.

Injiniya Bappa: Tambayarka ita ce hujjar maganar, Malam. Ka duba lambobinsu. In Celeron ɗin irin `N4000` ko `N4020` ne, sabon zubi ne, yana da ɓangaren warware HEVC har mai bit 10. Dell ɗin kuma in irin Latitude E6430 ce, i7 ɗinta janareshan na 3 ne. Ta fi Celeron ƙarfi a lissafi nesa ba kusa ba, amma ita da hannu take yin aikin, shi kuwa yana da na'urar da aka ƙera don aikin. Shi ya sa nake gaya wa masu sayen na hannu a kasuwa kada su tsaya ga "i7 ce" da mai shago zai faɗa, su karanta lambar da ke bayan layin. A kula, ƙa'idar lambar farko ta Core i3, i5 da i7 ce, ba ta aiki a kan Celeron da Pentium. Daga janareshan na 10 kuma lambobi biyu na farko ake karantawa.

Malam Garba (Kumo): E6430 ɗin ce kuwa. Na gamsu.

Sadiq Bolari: To a saya mata `HEVC Video Extensions` ɗin mana, ai bai kai dala ɗaya ba. Ko a sa K-Lite.

Hamma Usman (Pantami): $0.99 ne, amma ba zan ba ta shawarar ta biya don wannan kwamfutar ba. Shi ma idan bai tarar da ɓangaren ƙarfen ba, kan furosesa yake komawa, daidai da abin da VLC ya yi yanzu. Za ta biya ta sami sarƙewar da ta riga ta samu kyauta, ga wahalar neman katin da zai wuce. Inda yake da amfani shi ne kwamfuta mai janareshan na 6 zuwa sama da aka sake wa Windows, mai ita kuma yana son bidiyo ya buɗe a `Photos` ko cikin PowerPoint, domin su ba su amfani da kayan VLC. K-Lite ma hawa na farko kawai yake gyarawa.

Aisha Jekadafari: Ni na ga MPC-HC da ke zuwa cikin K-Lite ya fi VLC sauƙi a tsofaffin kwamfutoci. Bidiyon da VLC ke ɗan tsalle da shi, can yana tafiya.

Hamma Usman (Pantami): A 1080p da ke bakin iyaka zan yarda, bambanci kaɗan na iya tsallakar da shi. A 4K kan furosesa mai kai biyu ta janareshan na 3, ban yarda ba. Kuma ina jin tsoron inda mutane ke sauke irin waɗannan, shafukan bogi sun yi yawa, a je neman maganin bidiyo a kwaso ciwon da Sadiq ya fara ambata.

Aisha Jekadafari: Wannan kuma laifin shafin ne, ba na manhajar ba. Ina nan kan bakata.

Ɗanladi Mai Hoto: Ku bar wahalar da baiwar Allah. Ta tura wa kanta ta WhatsApp ta sauke a kwamfuta, zai buɗe. Kullum haka kwastomomi ke yi.

Injiniya Bappa: Zai buɗe, Ɗanladi, kuma dalilin shi ne WhatsApp yana sake matse bidiyon ya mai da shi H.264 ƙarami kafin ya tura. Wato juyawar da za mu yi ce, sai dai shi ba ya tambayarka ingancin da kake so. A fuskar waya ba a lura sosai, amma a jikin bango da furojekta fuskokin yara za su dushe, rubutun allo ba zai karantu ba. Kuma sharaɗi ne a tura shi a matsayin bidiyo. In aka tura ta `Document`, fayil ɗin na asali ne zai isa ba canji, HEVC ɗinsa da nauyinsa, an ƙona data 1.6GB hawa da 1.6GB sauka a banza. Xender da kebul da filashi ma duk ainihin fayil ɗin suke kaiwa.

Gyaran da zai riƙe shi ne a juya bidiyon zuwa H.264 mai 1080p, kuma a yi aikin a kan sabuwar laftof tun tana nan. Kada a yi a tsohuwar, wadda ta kasa kallon bidiyon za ta ɗauki sa'o'i kafin ta juya shi.

Malama, ki sauke HandBrake daga shafinsu na `handbrake.fr`, kyauta ne. Lokacin sa shi zai iya neman `.NET Desktop Runtime`, ki bar shi ya kai ki inda za ki sauke, in babu shi ba ya tashi. Idan ya buɗe, ki ja fayil ɗin ki jefa a ciki. A wurin `Preset` ki zaɓi `Fast 1080p30`. Ki tabbatar `Format` yana kan `MP4`. Ki shiga shafin `Video` ki ga `Video Encoder` yana kan `H.264 (x264)`, ba wanda aka rubuta `10-bit` a jikinsa ba, domin H.264 mai bit 10 ma tsohuwar ba za ta ji daɗinsa ba. Lambar `RF` ki bar ta a 22. In kin rage lambar hoto zai ƙara kyau fayil ya ƙara nauyi, in kin ƙara ta akasin haka, kuma tsakanin 20 da 23 ya ishi irin wannan aikin. A ƙasa wurin `Save As` ki ba shi sabon suna don kada ya haɗu da na asali, sai ki danna `Start Encode`.

Ki jona caja kafin ki fara, domin a kan batir laftof tana rage gudunta. Ki ɗora ta a kan tebur, ba katifa ko darduma ba, da zafin garin nan in iska ba ta shiga ƙasanta za ta sassauta da kanta. Kada ki rufe murfin har ta gama.

Sadiq Bolari: Amma ai an rage ingancin ke nan, daga 4K zuwa 1080. Asara ce.

Hamma Usman (Pantami): Fuskar Folio 9470m galibi 1366x768 ce. Furojektan makaranta mai `VGA` kaɗai kuma da wuya ya wuce 1024x768 ko 1280x800. Ko 1080p ɗin ya fi abin da za su iya nunawa. Babu wanda zai zauna a wurin ya ga bambanci. Na asalin dai a ajiye shi, kada a goge, shi ne uwa in an tashi gyara ko yanka bidiyon nan gaba.

Ga masu amfani da ffmpeg, layi ɗaya ne:

```
ffmpeg -i IMG_4410.MOV -vf scale=-2:1080 -c:v libx264 -crf 22 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 128k walima.mp4
```

`yuv420p` ɗin nan kada a manta da shi, shi ke sauko da hoton zuwa bit 8. In aka bar shi, bidiyo mai bit 10 zai iya fitowa H.264 mai bit 10, a koma gidan jiya.

Babangida Herwagana: Don Allah tunda ana maganar, ni ma nawa bidiyon ɗaurin aure ba ya buɗewa. Daga filashi na kwafo. Na sa VLC, na gwada a kwamfuta uku har da sabuwa, babu hoto babu murya. HandBrake ma ya ce `No valid source`. In sayi wancan na $0.99 ɗin?

Injiniya Bappa: A'a Babangida, naka daban ne. Na Malama yana buɗewa a wani wuri, kuma murya na fita. Wanda ya ƙi ko'ina, har VLC da HandBrake, yawanci fayil ɗin ne bai cika ba. Bidiyon waya yana da wani ɗan jadawali da ke gaya wa manhaja inda kowane hoto yake, kuma kyamara sai a ƙarshen ɗauka take rubuta shi. In kwafi ya yanke, ko an zare filashi da wuri, ko wayar ta mutu ana tsakar ɗauka, jadawalin babu shi. Idan ka ba ffmpeg irin wannan, `moov atom not found` zai ce maka.

Ka danna dama a kan fayil ɗin, `Properties`, ka kwatanta `Size` da na wurin wanda ya ba ka, har zuwa lambar bait ta ƙarshe. In sun bambanta, ka sake kwafa. In sun yi daidai amma nasa na buɗewa naka ba ya yi, ka zargi filashin. Akwai na jabu da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil ya nuna suna da nauyi daidai, abin da ya wuce iyakarsa kuma ya tafi. Sannan filashi mai tsarin `FAT32` ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, sai an mai da shi `exFAT`, wanda kuma zai goge duk abin da ke ciki.

Babangida Herwagana: Na duba. Nasa 2.3GB, nawa 1.1GB. Zan koma in sake karɓa.

Maman Hanifa (Tumfure): Injiniya an gama, ya ɗauki wajen rabin sa'a. Ya koma 430MB. A tsohuwar yana tafiya sumul, ko ba VLC yana buɗewa, `CPU` bai wuce 20% ba. Allah ya saka da alheri. Sai dai kalar ta canza. Fararen kayan yaran sun yi fari fat, koren hijabai ya koɗe, kamar an shanya hoton a rana. A waya ba haka yake ba.

Ɗanladi Mai Hoto: Wannan na san shi. HDR ne. Daga iPhone 12 zuwa sama suna ɗauka da Dolby Vision in ba a kashe ba, kuma bit 10 ne. Hasken da kalar an auna su ne don fuska irin ta wayar. In aka juya shi kai tsaye ba a daidaita kalar ba, tsohuwar fuska za ta nuna shi a koɗe.

Injiniya Bappa: Daidai ne Ɗanladi. Wannan kuma ya ƙara bayyana abin da ya sa Folio ta sha wuya haka, 4K ne kuma bit 10, wanda ko janareshan na 6 ba zai ja shi da ɓangaren ƙarfensa gaba ɗaya ba.

Malama, ki koma kan fayil na asali, ba wanda kika juya ba. Saiti duk kamar na ɗazu, sai ƙari ɗaya: ki shiga shafin `Filters`, ki nemi `Colourspace`, a wasu an rubuta `Colorspace`, ki zaɓi `BT.709`. Wannan ne ma'aunin kala na bidiyon yau da kullum, kuma HandBrake zai sauko da hasken HDR ya zauna a cikinsa. Zai fi na farko jinkiri, don haka kada ki jira minti 9 su gama kafin ki san ko ya yi. A sama wurin `Range` ki canza `Chapters` zuwa `Seconds`, ki sa daga 0 zuwa daƙiƙa 30, ki juya wannan guntun, ki kai tsohuwar ki gani. In kalar ta yi, ki mai da `Range` yadda yake ki saki duka.

Hamma, layinka na ffmpeg ma zai ba da koɗaɗɗiyar kalar nan a bidiyon HDR, `yuv420p` bit kawai yake ragewa, ba ya daidaita haske.

Hamma Usman (Pantami): Haka ne. Ana yi da `zscale` da `tonemap`, amma layin yana da tsawo kuma ba kowane ffmpeg ke zuwa da `zscale` ba. Ga HDR HandBrake ya fi sauƙi.

Ɗanladi Mai Hoto: Ko da `BT.709` ba zai dawo kamar na waya ɗari bisa ɗari ba, a sani. Hasken da ke sa fararen kaya ƙyalli a fuskar iPhone, furojekta ba shi da shi. Amma kore zai koma kore.

Malam Garba (Kumo): To yaya za a yi gaba kada a maimaita? Kowane taro sai an zauna juya bidiyo?

Hamma Usman (Pantami): A gyara daga wayar kafin a ɗauka. A iPhone, `Settings > Camera > Formats`, a zaɓi `Most Compatible`, zai koma H.264. A `Settings > Camera > Record Video` kuma a zaɓi `1080p HD at 30 fps`, a kashe `HDR Video`. A Samsung ana shiga saitin kyamara, `Advanced video options`, a kashe `High efficiency videos` ko a zaɓi H.264, sunan yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya, a kashe `HDR10+` ma. Masu Tecno, Infinix da Redmi su duba saitin kyamara, duk inda suka ga HEVC ko H.265 shi ne. Canjin saitin ba ya taɓa bidiyon da aka riga aka ɗauka.

Ɗanladi Mai Hoto: A nan ne ban tare da kai ba, Hamma. Wayar da kanta tana nuna lissafin: minti ɗaya na 1080p a HEVC wajen 60MB ne, a H.264 wajen 130MB. A 4K mai hoto 30, wajen 170MB ne da 350MB. Mai waya 64GB da ya koma `Most Compatible` zai cika ta a rabin lokaci, kuma 4K mai hoto 60 sai da `High Efficiency` yake yiwuwa. Ni na fi son a ɗauka da mafi kyau, a juya wanda ake buƙata. Wanda aka ɗauka a ƙanƙance ba ya komawa babba, ɗaurin aure kuma ba a maimaita shi.

Hamma Usman (Pantami): Kai sana'arka ce, kana da kwamfutar juyawa da lokacin zama. Malamar makaranta da za ta ɗauka yau ta haska jibi da tsohuwar Folio fa? 1080p a H.264 minti 9 bai kai 1.2GB ba, bai ma kai nauyin wanda ya ba ta wahala ba, kuma zai buɗe a kwamfuta da talabijin mai filashi ba tare da an taɓa shi ba.

Injiniya Bappa: Kowa da inda ya dosa, ba zan raba ku ba. Akwai hanya ta tsakiya a iPhone: `Settings > Photos`, wanda daga iOS 18 ya koma cikin `Apps`, can ƙasa `Transfer to Mac or PC`, a sa `Automatic`. Wayar na ajiye HEVC, amma in an kwafa ta kebul sai ta juya shi tana turawa. Matsalarsa a manyan fayiloli ne, kwafin kan yanke a tsakiya Windows ya ce na'urar ba ta amsawa. In hakan ta faru a mai da shi `Keep Originals`, a zare kebul a sake jonawa, a kwafo na asali a juya a kwamfuta.

Aisha Jekadafari: Ni tambayata, me ya hana a sayi ɗan kan `HDMI` zuwa `VGA` a haska da sabuwar laftof kawai?

Maman Hanifa (Tumfure): Mai ita zai yi tafiya da ita ne, Aisha. Amma zan sa makaranta ta saya don gaba.

Injiniya, guntun daƙiƙa 30 ya fito da kala mai kyau, na saki sauran yanzu. Abu ɗaya ya rage, da na jona furojekta don gwaji hoto ya fita a bango amma murya daga laftof take fita, ƙasa-ƙasa.

Injiniya Bappa: `VGA` hoto kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Ki nemi waya mai kan 3.5mm, ki jona daga ramin iyafis na laftof zuwa amfilifaya ko sifikar makaranta, ki fara da ƙarar laftof a wajen 70% sannan ki daidaita daga amfilifayar. In kin ji ƙugi a sifika lokacin da caja ke jone, ki gwada mai da cajar da amfilifayar kan soket ɗaya. Ki kwafe bidiyon daga filashi zuwa `Desktop` na Folio kafin ranar, ki danna `Windows+P` ki zaɓi `Duplicate`, kuma ki kalle shi daga farko har ƙarshe sau ɗaya a kan furojektan ranar Alhamis, tun sabuwar laftof ɗin tana gida in akwai abin da za a sake.